NOMAN DAMINA KO BAN RUWA NA ƊIGO: WANNE YA FI RIBA?

Jama'a, a wannan mako za mu duba wata magana wadda ta shiga bakin masu lambu ƙwarai, watau ban ruwa na ɗigo. Waɗansu suna cewa wanda ya kafa shi ya rabu da talauci. Waɗansu kuwa suna cewa ɓarnar kuɗi ce kawai, ga ruwan sama Allah yana saukarwa kyauta. To, gardama ba ta raba wannan magana, sai lissafi. Saboda haka za mu ɗauki fili ɗaya, da amfani iri ɗaya, watau tumatir, mu noma shi ta hanyoyin nan biyu a kan takarda, sa'an nan kowa ya ga inda riba take.

YADDA ABIN YAKE

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda ban ruwa na ɗigo yake. Ana ɗora tanki ko duro a kan wani dandamali mai tsawon kamar mita ɗaya da rabi. Daga gindin tankin sai ruwa ya bi ta mataci, ya shiga babban tiyo wanda aka shimfiɗa a kan gona. Daga babban tiyon kuma sai ƙananan tiyo su rabu, kowane ɗaya ya bi kunya ɗaya har ƙarshenta. A jikin ƙananan akwai 'yan ƙofofi a jere, yawanci tsakaninsu santimita 30, watau kamar ƙafa guda. Ta nan ruwa yake ɗiga a hankali a gindin shuka. Ba inji ke tura shi ba, nauyinsa ne kawai da tudun da aka ɗora tankin. Wannan dabara ta yi ƙarfi ne a ƙasar Isra'ila, inda aka kafa kamfanin yin kayanta a 1965, daga baya aka ƙago ƙanana domin masu ƙaramin lambu.

Amfaninta a fili yake. Idan aka kora ruwa a fangali, kusan rabinsa yana tafiya a banza, wani ya nutse ƙasa inda saiwa ba ta kai ba, wani rana ta shanye, wani kuma ciyawa ta sha. Amma a ɗigo, idan kaya suna aiki daidai, kamar kashi tara cikin goma na ruwan yana isa gindin shuka. Tsakanin kunyoyi yana zama a bushe, saboda haka ciyawa ba ta yawa. Ganye kuma ba ya jiƙewa, don haka cututtukan da ke son laima suna raguwa.

FILIN DA ZA MU YI MISALI DA SHI

Mu ɗauki fili mai faɗin mita 20 da tsawon mita 25 a ƙasar Kano. Idan aka yi kunyoyi 20, tsakanin kowace da 'yar'uwarta mita ɗaya, aka dasa tumatir rabin mita rabin mita, kowace kunya za ta ci gindi 50. Filin duka ke nan gindi 1,000.

Kuɗin da za mu ambata a nan na misali ne, domin farashi ba ya zama wuri ɗaya. Kowane mai karatu ya cire namu ya sa na kasuwarsu, hanyar lissafin ita ce abin riƙewa. Mu ƙaddara babban kwando yana cin kilo 50. Mu ƙaddara kuma ana sayar da shi naira 10,000 a lokacin da tumatir ya cika kasuwa, naira 20,000 a lokacin tsaka-tsaki, naira 30,000 kuma a lokacin da ya yi wuya.

NOMAN DAMINA

Mai noman damina ba ya sayen tanki, ba ya sayen mai. Abin da zai kashe shi ne kuɗin iri, da taki, da maganin feshi, da ladan masu noma. Mu ce duka naira 80,000.

Amma tumatir ba abokin ruwa mai yawa ba ne. A ƙasar Kano yawancin ruwan shekara yana sauka ne daga watan Yuni zuwa Satumba, kuma a Agusta ake malka. A lokacin nan ruwa yana kwanciya a gindin shuka, saiwa ta kasa numfashi. Ganye yana kwana a jiƙe, sai ka ga baƙaƙen tabo sun fito a na ƙasa, suna hawa sama har shuka ta ƙone. Ruwa mai ƙarfi yana kakkaɓe fure, yana wanke taki, 'ya'yan da suka kusa nuna kuma su tsage. Wani lokaci kuwa akasin haka ake samu, ruwa ya ɗauke kwana goma ko mako biyu bayan dashe, manomi yana kallo ba shi da abin yi.

Saboda haka kada a sa rai da yawa. Mu ce kowane gindi ya ba da rabin kilo. Gindi 1,000 ke nan kilo 500, watau kwando 10. Idan aka sayar a naira 20,000, an sami 200,000. A cire 80,000, riba ta zama naira 120,000. A shekara mai kyau za a wuce haka, a shekarar da cuta ta shiga kuwa da ƙyar a mai da uwar kuɗi.

RUWA NAWA ƊIGO ZAI CI?

Kafin mutum ya tambayi kuɗin kaya, ya fara tambayar kansa ina ruwa. Nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, domin sun ji an ce ɗigo ba ya cin ruwa. Gaskiya ne yana rage ɓarna, amma ba ya rage ƙishirwar shuka. Tumatir da ya girma ya fara fure, a lokacin ɗari, yana bukatar kamar lita 5 a kowace murabba'in mita kullum. Filinmu murabba'in mita 500 ne, ke nan lita 2,500 a yini. Idan da jarka mai lita 25 za a ɗebo, jarka 100 ke nan kowace rana. Idan tankin mai lita 1,000 ne, sai an cika shi sau biyu da rabi. Da bazara, in zafi ya tsananta, bukatar tana iya kaiwa lita 7 ko 8 a kowace murabba'in mita. Daga dashe zuwa ƙarshen tsinka, filin nan zai sha abin da ya kai lita 250,000 ko fiye.

To, ka ga wannan ba aikin guga da hannu ba ne, kuma ba aikin sayen ruwa wurin 'yan garuwa ba ne. Tilas a sami rijiya wadda ba ta ƙafewa, ko rijiyar burtsatse, ko rafi a kusa, tare da ƙaramin injin ban ruwa ko famfo mai aiki da hasken rana. Wanda zai gwada rijiyarsa kuwa, ya gwada ta a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da ruwa ya yi ƙasa, kada ya ruɗu da cikar da ta yi da kaka. Shukar ɗigo saiwarta tana taruwa ne a ɗan wurin da yake jiƙe, saboda haka in ruwa ya yanke kwana biyu ko uku a cikin zafi, ta fi ta fangali saurin galabaita.

Akwai ƙaramin tsari na bokiti mai lita 20 da tiyo biyu, wanda ake ratayewa a kan sanda. Wannan yana da kyau domin kayan miya na gida, matan aure ma suna iya kula da shi a bayan ɗaki. Amma ba shi muke lissafi a nan ba, gama abin da zai fitar bai isa kai wa kasuwa da kwando ba.

LISSAFIN ƊIGO

Mu ƙaddara tanki, da dandamali, da mataci, da tiyo mita 500 da mahaɗansu sun ci naira 300,000, ban da inji da rijiya waɗanda muka ɗauka mutum yana da su. Ƙananan tiyo ba sa daɗewa kamar tanki, amma mu ce a haɗe kayan za su yi shekara uku. Ke nan kowace shekara tana ɗauke da naira 100,000. Sa'an nan ga iri mai kyau, da taki, da magani, da man inji, da ladan aiki, mu ce naira 200,000. Jimla 300,000.

A lokacin ɗari tumatir yana jin daɗi ƙwarai, dare da sanyi, rana da haske, ba laima. Mai kula yana iya samun kilo ɗaya da rabi a kowane gindi, watau kwando 30. Wannan ya ninka na damina sau uku. Mai karatu zai ce ai magana ta ƙare. A'a, da saura, sai mun je kasuwa.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ƙasar Kadawa da Kura da Garun Malam ta zama gidan tumatir na rani. Manoman can da na fadamu suna dashe bayan kaka, sai amfaninsu ya fito gaba ɗaya daga wajen Janairu zuwa Maris. Wanda ya je Kwanar Gafan ko 'Yankaba a wannan lokaci ya san yadda kwanduna suke jibge, har waɗansu manoma su gwammace su yanka su shanya, su yi kauɗa. Mai ɗigo da ya dasa tare da kowa, zai tsinka tare da kowa, dillali kuwa ba ruwansa da yadda aka yi ban ruwa. Kwando 30 a naira 10,000 ya zama 300,000. A cire 300,000 da aka kashe, ba abin da ya rage. An yi wata huɗu ana wahala, an tashi a tutar babu, alhali mai noman damina da kwandonsa goma ya sa 120,000 a aljihu.

Yanzu mu sake lissafi. A ce mutumin nan ya jinkirta dashe, domin amfaninsa ya fito a lokacin da na fadama ya ƙare, na damina kuma bai iso ba, watau wajen Mayu zuwa Yuli. A nan ne tumatir yake tsada kusan kowace shekara. Amma tsadar tana da dalili. Zafin Afrilu yana sa fure ya zube bai ƙulla ba, musamman in dare ma bai yi sanyi ba. Kwari kuma suna yawa, har da tsutsar nan mai shiga cikin ganye da 'ya'ya, wadda ta cinye gonakin Kano da Kaduna da Katsina a 2016. Don haka mu rage amfanin zuwa kwando 20, mu ƙara naira 30,000 a kan kuɗin mai da magani. An kashe 330,000, an sayar da kwando 20 a naira 30,000, an sami 600,000. Riba naira 270,000, fiye da ninki biyu na ta damina, a fili guda.

Daga nan sai mu gane cewa abin da mutum yake saye in ya sayi kayan ɗigo shi ne ikon zaɓen ranar da zai kai kaya kasuwa. In bai yi amfani da wannan iko ba, kuɗinsa bai yi masa aiki ba.

WANI ABIN LURA GA MASU ALƘALAMI

'Yan kasuwa da akawuna da ke son zuba kuɗi a lambu su dubi wannan. Mai damina ya sa 80,000 ya ci ribar 120,000, watau kowace naira ta haifi naira ɗaya da rabi. Mai ɗigo ya sa 330,000 ya ci 270,000, kowace naira ba ta haifi cikakkiyar naira ba. Ashe ke nan in ta wajen jari ake magana, damina ta fi. In kuwa ta wajen fili ne, ɗigo ya fi. Wanda yake da gona mai faɗi da kuɗi kaɗan, gara ya faɗaɗa noman damina. Wanda yake da ɗan fili a bakin gari, ga ruwa, ga kasuwa kusa, shi ne ɗigo zai yi wa rana.

Haka kuma hasara ba ɗaya ba ce. In damina ta ƙi, an rasa 80,000. In tsutsa ko zafi suka kashe na ɗigo, abin da ya salwanta ya ninka wannan wajen sau uku, ga bashin kaya yana jira. Saboda haka wanda bai taɓa noman tumatir ba kada ya fara da na bazara, kuma kada ya fara da kuɗin rance.

Hanyar rage nauyin kaya ita ce kada a bar su kwance. In an yi amfani biyu ko uku a shekara, wannan 100,000 ta rabu biyu ko uku. Dabara mai kyau ita ce a haɗa hanyoyin biyu. A yi renon iri a Agusta a kan gado mai tudu, a dasa a Satumba da sauran laimar damina, in ruwa ya ɗauke sai ɗigo ya karɓa. Iri yana yin kamar mako huɗu a gadon reno, daga dashe zuwa tsinkar fari kuma kamar mako goma. Ke nan za a fara tsinka a ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba, kafin kasuwa ta cika. Bayan an tuge sai a sa wani abu dabam, kamar kuɓewa ko kankana ko kokwamba, waɗanda suka fi jure zafi. Kada a bi tumatir da tumatir, ko da tattasai, ko attarugu, ko gauta, domin dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya.

ABIN DA KE KASHE KAYAN ƊIGO

Babban abokin gaban ɗigo shi ne toshewa. Ƙofofin ƙanana ne ƙwarai, ɗan yashi ko laka ko gansakuka ya isa ya rufe su. Ruwan kududdufi da na rafi sun fi kawo wannan, ruwan rijiya mai tsatsa ko mai farin ƙasa shi ma yana yi a hankali. Maganinsa a rufe bakin tanki kada rana ta shiga ta haifar da gansakuka, a wanke mataci kullum, sa'an nan kowane mako ko mako biyu a buɗe ƙarshen tiyo a bar ruwa ya fita har ya yi fari. In za a zuba takin zamani a tanki, sai wanda yake narkewa sarai, kamar yuriya, a narka shi a bokiti a tace tukuna. Takin gargajiya kuwa a ƙasa ake sa shi kafin dashe, ba ya shiga tanki ko kaɗan.

Ga yadda za a gane ko ruwa yana tafiya daidai. A sa kofi ɗaya a ƙarƙashin ƙofa ta farkon kunya, ɗaya a ta ƙarshe, a jira minti goma. In na ƙarshe bai kai kashi huɗu cikin biyar na na farko ba, akwai matsala: ko toshewa, ko yoyo, ko tiyo ya yi tsawo, ko filin yana da hawa. Da wannan gwaji ne kuma za a san tsawon lokacin da za a bar ruwa a buɗe. Filinmu yana da ƙofofi wajen 1,660. In kowace tana ba da lita ɗaya a awa, awa ɗaya da rabi ta isa a ba da lita 2,500. In rabin lita take bayarwa, sai awa uku.

Kada kuma a dogara da ganin saman ƙasa. A tona da hannu kamar taƙi ɗaya kusa da shuka, a dunƙula ƙasar. In ta dunƙulu ba ta ɗiga ba, daidai ne. A jigawa ruwa yana nutsewa tsaye ba ya bazuwa, sai a raba ban ruwa safe da yamma. In aka ga gindin 'ya'yan tumatir yana yin baƙi yana lotsawa, yawanci alama ce ana ba da ruwa yau a fasa gobe. In kuwa aka ga farin zobe kamar kanwa a gefen wurin da yake jiƙewa, gishiri ne yake taruwa, sai a ba da ruwa mai yawa lokaci lokaci ya tura shi ƙasa.

Ɓera da gafiya kuma suna huda tiyo da rani domin neman ruwa, fartanya tana yanka shi, dabbobi suna tattakewa, ɓarawo yana naɗewa. Lambun da ba shi da shinge, kuma mai shi ba ya zuwa kullum, bai dace da ɗigo ba. Cibiyar binciken noma ta Sadore, kusa da Yamai, ta yaɗa irin wannan lambu mai murabba'in mita 500 a ƙasashen Sahel bayan shekara ta 2000. Abin da aka gani shi ne, waɗanda aka miƙa wa kaya aka tafi aka bar su, da yawansu sun watsar. Waɗanda suka haɗu ƙungiya, ruwa ɗaya, shinge ɗaya, da malamin gona yana zagayo, su suka fi dorewa.

TO, WANNE ZA A ZAƁA?

Ga kuɓewa, da yakuwa, da rama, da kabewa, da barkono, waɗanda suke son damina kuma ana iya shanya yawancinsu a ajiye har su yi kuɗi, noman damina ya wadatar, ba sai an sayi tiyo ba. Wanda gonarsa take bakin kwatar ruwa a Kadawa, ko a fadama inda ruwa yake da araha, shi ma ɗigo ba zai ƙara masa abin da zai biya kuɗinsa da sauri ba. Amma mai ɗan fili a tudu, wanda kowace lita sai ya biya kuɗin ɗago ta, yana da rijiya tabbatacciya, yana noma abu mai tsada kamar tumatir ko tattasai ko attarugu, kuma yana iya fitar da kaya lokacin da babu, wannan ɗigo zai biya shi fiye da damina.

Shawararmu ga mai sha'awa ita ce, kafin ya sayi ko mahaɗi ɗaya, ya sami littafi ya riƙa rubuta farashin kwando a kasuwarsu kowane mako har shekara ta zagayo. Ya auna rijiyarsa da bazara. Sa'an nan ya fara da kunya huɗu ko biyar, ya koyi halin kayan, domin da rarrafe yaro kan tashi. In lissafi ya nuna riba sai ya ƙara.

Allah ya ba mu damina mai albarka, da rani mai amfani, amin. Sai mako mai zuwa.